Diddigen Ashil: me ya sa jarumin da ƙarfe ba ya ci yake da lago guda?

Duk mai karanta jaridun Faransanci ya saba cin karo da maganar “diddigen Ashil”. Idan ƙungiyar ƙwallo tana da ƴan gaba masu zafi amma mai tsaron gidanta rago ne, sai a ce shi ne diddigen Ashil ɗinta. Haka ake faɗa a kan gwamnati, ko kamfani, ko rundunar soja. Bahaushe yana da kalmarsa ta wannan abu tun da daɗewa, wato lago: wurin da in an taɓa, ƙato ya faɗi. Maganar ta samo asali ne daga almarar Girkawa, daga labarin wani jarumi da aka ce makami ba ya kama jikinsa ko’ina sai a diddige. Irin wannan jarumi yana nan a hikayoyin al’ummomi da dama da ba su haɗa harshe ko zamani ba. In aka bi labaran a tsanake za a ga abu ɗaya yana ta dawowa: lagon yana fitowa ne daga cikin aikin da aka yi don a tsare jarumin, kuma kafin a kai gare shi sai wani na jiki ya buɗe baki.

Ashil na Homer yana zubar da jini

Labarin da aka fi sani gajere ne. Uwar Ashil, Tetis, tana cikin allolin teku na Girkawa, ba ta mutuwa. Ubansa Peleyus sarki ne, amma mutum ne kamar kowa. Da aka haifi yaron sai uwar ta ɗauke shi zuwa Sitikis, kogin da ke ƙasar matattu, ta riƙe shi ta diddige ta tsoma shi. Duk inda ruwan ya taɓa ya zama ba ya hudawa. Inda yatsunta suka riƙe ne kaɗai ya rage. Shekaru bayan haka, a yaƙin birnin Tiroya, wani ɗan sarkin birnin mai suna Faris (ba shi da alaƙa da babban birnin Faransa, sunan ne kawai ya zo ɗaya) ya harba kibiya, allan nan Afolo ya saita ta, ta sauka a diddigen, Ashil ya mutu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne wannan labari babu shi a cikin Iliyad, doguwar waƙar Homer wadda ita ce babban tushen abin da aka sani game da Ashil. An tsara waƙar wajajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa, tana da babi 24 da layuka fiye da 15,000, kuma ko sau ɗaya ba ta ambaci tsoma jariri a kogi ba. Hasali ma ta nuna akasin haka. A babi na 21 wani mayaƙi mai suna Asterofayos, wanda ya iya jifa da hannu biyu, ya wurga wa Ashil masu biyu a lokaci guda. Ɗaya ya daki garkuwa, ɗayan ya shafce shi a hannun dama, jini ya fito. A babi na 18 kuma, bayan an kashe amininsa Fatarokal an kwashe sulken da ya ara masa, Ashil ya kasa shiga fagen daga duk da zuciyarsa tana tafasa, har sai da uwarsa ta je wurin Hefayistos, maƙerin alloli, aka ƙera masa sabon sulke da kwalkwali da garkuwa. Wanda ƙarfe ba ya ci ba zai zauna jiran maƙeri ba.

To ina raunin Ashil na Homer yake? Wuri biyu. Na farko fushi ne, kuma da kalmar fushi waƙar ta buɗe: Agamemnon, jagoran rundunar Girkawa, ya ƙwace masa wata baiwa, sai ya yi zuciya ya koma tantinsa ya bar ƴan’uwansa ana kashe su, har abin ya kai ga amininsa. Na biyu ya fi nauyi: ya san zai mutu da ƙuruciya. A babi na 9 shi da bakinsa ya ce uwarsa ta sanar da shi hanyoyi biyu ne a gabansa. In ya tsaya a Tiroya ba zai koma gida ba amma sunansa ba zai ɓace ba, in kuma ya koma gida zai tsufa amma ba wanda zai tuna da shi. A babi na 22, Hektor yana gargarar mutuwa ya faɗa masa ma waɗanda za su kashe shi da inda za a yi: Faris da Afolo, a bakin ɗaya daga cikin ƙofofin birnin. Waƙar ta ƙare Ashil yana raye. Mutuwarsa tana cikin wata waƙa dabam, Etiyofis, wadda ta ɓace, taƙaitaccen bayaninta kawai ya iso gare mu, kuma bayanin bai ambaci diddige ba.

Akwai dai wani wuri a Iliyad da ya yi kama da abin da za a ƙara daga baya, sai dai a kan Hektor ya faɗa. Ranar da suka haɗu, Hektor yana sanye da tsohon sulken Ashil wanda ya cire daga gawar Fatarokal. Tagulla ta rufe shi ko’ina. Ashil ya tsaya yana duba jikin abokin gabansa, har ya ga ƴar kafa a maƙogwaro, inda ƙasusuwan kafaɗa suka haɗu da wuya, nan ya soka mashi. Ba abin mamaki ba ne ya gano ta, tunda sulken nasa ne. Wanda ya san kariya daga ciki shi ya san inda ta ƙare. A riƙe wannan, za a sake ganinsa.

Yadda diddigen ya shigo

Kibiya a ƙafa ta girmi labarin kogin. Akwai wata tukunyar Girkawa mai zane ta ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa da ta nuna Ashil kwance matacce, kibiya a soke a ƙasan ƙafarsa. Wato tun da wuri an san an harbe shi a nan. Amma harbi a ƙafa bai isa ya kashe ƙato ba, kuma masu sauraro ba wawaye ba ne. Dole wata rana wani ya tambaya: yaya aka yi gwarzon da ya fi kowa ya mutu da irin wannan rauni? Ana iya kallon labarin kogin a matsayin amsar wannan tambaya, amsar da ta zo bayan tambayar da ɗaruruwan shekaru.

Kafin kogi akwai wuta. Afoloniyos na Rodas, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta cewa Tetis takan saka jaririn cikin wuta da dare don ta ƙone ɓangarensa mai mutuwa, da rana kuma ta shafe shi da abincin alloli. Wani dare Peleyus ya farka ya ga ɗansa cikin harshen wuta, ya kurma ihu. Tetis ta jefar da yaron ƙasa, ta fice ta koma teku. Aikin ya tsaya a rabi, kuma tsoron uba ne ya tsayar da shi.

Shi kogin Sitikis, rubutu mafi tsufa da ya rage mana da ya ambace shi na wani mawaƙin Rum ne, Istatiyus, a cikin waƙarsa kan Ashil wadda ya mutu bai gama ba, wajajen shekara ta 96 miladiyya. Tsakaninsa da Homer kusan shekara 800 ne. Ko shi ma a gurguje ya taɓo zancen, inda Tetis take nadamar ba ta tsoma ɗan nata gaba ɗaya ba. Masu sharhi na baya su ne suka fayyace riƙon diddigen suka mayar da shi labarin da ake koyarwa a lakkol yau.

Ko wuta ko ruwa, ƙashin labarin ɗaya ne. Uwa da ba ta mutuwa ta haifi ɗa mai mutuwa, tana ƙoƙarin ta cire masa gadon ubansa, ta kasa. A nan ne ma’anar diddigen take. Abin da Homer ya faɗa da dogon zance, cewa ɗan Peleyus mutum ne kuma wa’adinsa gajere ne, mutanen baya sun tattara shi sun ajiye a wuri ɗaya na jiki wanda ake iya nunawa da yatsa. Kuma a duba inda wurin yake: daidai inda hannun uwa ya riƙe. Ba ta da hanyar tsoma jariri a kogi mai gudu ba tare da ta riƙe shi ba. In ta saki, ruwa ya tafi da shi. Wasu kan tambaya cikin raha me ya hana ta juya shi ta sake tsomawa. Tambayar tana da daɗi a majalisa, amma labarin ba kan sakacin wata mata yake magana ba. Yana cewa ne kariya aba ce da wani yake yi wa wani, da hannu, a wani lokaci, kuma duk abin da aka yi da hannu yana da bakin da ya tsaya.

Ganye ɗaya a gadon baya

Labarin da ya fi fito da wannan dalla-dalla na Jamusawa ne, cikin doguwar waƙar Nibelungen wadda aka rubuta wajajen 1200. Jarumin shi ne Sigfirid. Ya kashe wani dodo mai siffar ƙaton maciji, ya yi wanka da jininsa, fatarsa ta yi tauri kamar ƙaho. Amma yana cikin wankan sai ganye ɗaya ya faɗo daga bishiya ya manne masa tsakanin kafaɗu, jinin bai taɓa wurin ba. Shi ma dai lagonsa da taurinsa a rana ɗaya aka haife su, cikin wanka ɗaya.

Sai dai ganye a baya ba ya kashe kowa. Sigfirid ya yi shekaru yana yaƙi da wannan tabo, bai cutu ba, domin ba wanda ya sani sai shi da matarsa Kirimhil. Da rikici ya ɓarke tsakanin Kirimhil da matar yayanta, sarki Gunta, sai Hagen, babban bafaden sarkin, ya ƙudurta kashe Sigfirid. Ya san gaba da gaba ba zai iya ba. Sai aka ƙirƙiro labarin ƙarya cewa abokan gaba suna tafe. Hagen ya je sallama wurin Kirimhil, ya tambaye ta yadda zai taimaki mijinta a fagen fama. Ita kuwa dama abin da ke hana ta barci ke nan, kada cikin ruwan masu wani ya faɗa kan tabon bisa tsautsayi. Hagen danginta ne, ta yarda da shi. Ta faɗa masa, har ta ɗinka ƴar alama da zaren siliki a kan rigar mijin, daidai wurin, don Hagen ya san inda zai kare.

Da Hagen ya ga alamar, sai aka ce yaƙi ya fasa, a tafi farauta. A daji aka yi dabara ba a kawo abin sha ba, sai Hagen ya ce ya san wani idon ruwa kusa, a yi tsere. Sigfirid ya riga kowa isa, ya jingine makamansa, kuma saboda ladabi ya jira sarki ya sha tukuna. Da ya sunkuya zai sha, Hagen ya janye takobin da bakan, ya ɗauki mashin Sigfirid ɗin kansa ya soka a kan alamar.

A lissafa abin da ya kashe shi. Ƙarfin Hagen ba ya cikin lissafin, don ko yaro zai iya soka mashi a bayan mai shan ruwa. Abin da ya yi aikin shi ne ƙaunar mata ga mijinta, da zumunci, da ladabin baƙo a gaban sarki. Bahaushe ya ce da ɗan gari akan ci gari. Da zarar marubuci ya ce ƙarfe ba ya cin jaruminsa, ya rufe ƙofar gwada ƙwanji ke nan, labarin ya tashi daga fagen daga ya koma cikin gida, tambayar ta zama wa ya sani kuma wa zai faɗa. Shi ya sa irin waɗannan labarai kusan kullum labaran cin amana ne. Rabin waƙar na biyu kacokan ramuwar Kirimhil ce, wadda ta cinye ƴan’uwanta da Hagen da ita kanta.

Mutanen arewacin Turai suna da irin wannan a kan ɗaya daga cikin allolinsu, Baldar, kamar yadda Sinori Siturluson na ƙasar Aisilan ya rubuta wajajen 1220. Uwarsa Firig ta zaga duniya tana karɓar rantsuwa daga wuta da ruwa da ƙarfe da dutse da itatuwa da cututtuka da dabbobi cewa ba za su cuce shi ba. Har ta kai alloli suna wasa da shi, suna jifansa da duk abin da suka samu. Abu ɗaya ta tsallake, wani ɗan tsiro da ke fitowa a jikin bishiya, ɗan’uwan kaucinmu ne, don ta ga ya yi ƙanƙanta da rantsuwa. Loki ya yi shigar mace ya je hira, ta faɗa masa da bakinta. Ya tsinko tsiron ya danƙa wa Hodar, makahon ɗan’uwan Baldar, ya saita masa hannu. Firig ta yi ƙoƙarin ta ƙirga duk abin da ke kisa ne, ɗaya bayan ɗaya, kuma irin wannan ƙirga ba ta cika. Abin da ake tsallakewa kuwa ba zaki ba ne ko takobi, abin da aka raina ne.

Farin zakara a Kirina

Ba sai an je Turai ba. A hikayar Sunjata, wadda maroƙan Mande suke rerawa daga Mali har Gini da Gambiya, wanda makami ba ya kamawa shi ne abokin gaba, Sumanguru Kante, sarkin Soso, maƙeri kuma matsafi. Sigar da ƴan lakkol na ƙasashenmu suka fi sani ita ce ta Jibril Tamsir Niyan, wadda ya wallafa da Faransanci a 1960 daga bakin maroƙi Mamadu Kuyate. A karon farko Sunjata ya ga ƙarfe ba ya yi wa Sumanguru komai, kuma in an matsa masa sai ya ɓace. Mafita ta zo ne ta hannun Nana Tiriban, ƴar’uwar Sunjata ta wajen uba, wadda aka aurar wa Sumanguru. Ta nuna masa ta tsani danginta, ta yi ta lallashinsa har ya saki jiki ya faɗa mata abin da ke karya asirinsa: ƙayar da ke bayan ƙafar farin zakara. Ta gudu ta kai labari. A yaƙin Kirina, wanda masana tarihi suke sanyawa wajajen 1235, Sunjata ya harba kibiyar icce mai wannan ƙaya a baki. Shafar kafaɗarsa kawai ta yi. Sumanguru ya ji ƙarfinsa ya zare, ya juya da gudu, ya ɓace cikin dutsen Kulikoro.

Akwai bambanci a nan da ya kamata a lura da shi. Lagon Ashil da na Sigfirid wuri ne a jiki, kuma kowane makami zai yi in ya samu wurin. Lagon Sumanguru da na Baldar wani abu ne takamaimai, kuma ko’ina ya taɓa ya wadatar. Na Sumanguru ma ba rauni ya yi masa ba, kwance asirin ya yi, ya mayar da shi mutum. Kuma zaɓin ba na banza ba ne. Maƙeri shi ne ubangidan ƙarfe, don haka ba za a ci shi da ƙarfe ba. Sai an fita daga mulkinsa gaba ɗaya, a zo da icce da ƙayar tsuntsun gida.

Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Wanda ya taɓa kallon wasan ƴan tauri, ana goga wuƙa a ciki tana lanƙwashewa, ya san yadda ake zancen maganin ƙarfe a bakin mutane: sha ake yi ko wanka ko ɗaurawa, wani ne yake bayarwa, yana zuwa da sharaɗi, kuma kowane asiri yana da makari. Ba a taɓa cewa an haifi mutum da shi kamar yadda ake haihuwarsa da tsawo. Ko mutum ya yarda da maganin ko bai yarda ba, tsarin tunanin shi ne na waɗannan hikayoyi. A cikinsu ma taurin jiki aro ne. Yana da ranar da aka karɓe shi, da wanda ya bayar, da abin da bai shiga cikin yarjejeniyar ba.

In babu lagon fa?

Ana iya cewa to ai sai a yi jarumi marar lago ko ɗaya. Girkawa sun gwada, kuma sakamakon yana da ban sha’awa. Akwai Kikinos, ɗan allan teku Fosaidon, wanda mashi ba ya huda shi ko’ina. A yadda mawaƙin Rum Obid ya ba da labarin, Ashil ɗin nan ne ya kara da shi a farkon yaƙin Tiroya. Ya yi ta jifa masu suna dawowa, har ya fara zargin hannunsa. Daga baya ya kayar da shi ƙasa, ya danne, ya shaƙe shi da igiyar kwalkwalinsa. Akwai Kayinos, wanda shi ma ƙarfe ba ya ci. Halittun nan rabi mutum rabi doki suka taru suka yi ta jibga masa gungumomin itatuwa har suka binne shi. Zakin Nemeya kibiya ba ta huda fatarsa, sai Harkil ya shaƙe shi da hannu, sannan ya feɗe shi da faratan zakin kansa.

Duk ukun an tsare su daga huda da yanka, ba a tsare su daga rashin numfashi ba. Wato ko an cire diddigen, lagon yana nan, ya koma cikin kalmomin alƙawarin ne kawai: an ce ƙarfe ba zai shiga ba, ba a ce mutuwa ba za ta zo ba. Almarar Girkawa tana tsaurara wannan iyaka ƙwarai. Rashin mutuwa na alloli ne. Abin da ɗan Adam zai iya samu, ko da uwarsa daga cikin alloli take, shi ne kariya daga wani nau’in makami, kuma tazarar da ke tsakanin biyun ita ce inda labari yake faruwa.

Akwai kuma dalili na sana’ar ba da labari, wanda duk mai yi wa yara tatsuniya ya sani. Wanda ba zai iya mutuwa ba ba a kiransa jarumi, don bai saka komai a caca ba. A Iliyad alloli sukan shiga yaƙi, har a ji musu rauni, amma sai su koma sama a shafa musu magani, abin ya zama kusan ban dariya. Nauyin waƙar yana kan waɗanda in sun faɗi ba su tashi. Lago guda yana ba mai labari abu biyu a tare: jarumi da ya fi ƙarfin kowa a fili, da kuma tabbacin cewa mai sauraro zai ci gaba da fargaba. Idan lagon ya yi yawa, jarumin ya zama kamar kowa. Idan babu, ba abin jira. Shi ya sa ake tsayawa a kan ɗaya, kuma ake ƙanƙanta shi: faɗin ganye, faɗin yatsu biyu. A Shahnama, littafin sarakunan Farisa da Firdausi ya kammala a 1010, idanu ne. Isfandiyar mai jikin tagulla ya galabaitar da tsohon gwarzo Rustam, har sai da tsuntsuwar nan Simurg ta nuna wa Rustam iccen da zai yi kibiya mai baki biyu da shi, ta ce ya nufi idanu.

Inda fassara ke kaucewa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a mayar da diddigen darasin tarbiyya, a ce yana nufin girman kai ko fushi. Fushin Ashil gaskiya ne, amma na Homer ne, kuma Homer bai san diddigen ba. Diddigen kuwa ba laifin Ashil ba ne, yana jariri aka bar masa shi. Haka Sigfirid bai jawo ganyen ba, Baldar bai yi wa kowa komai ba. Hanyar gane bambancin mai sauƙi ce: a tambaya ko jarumin zai iya gyara abin da kansa. Fushi ana iya danne shi, kuma a babi na ƙarshe Ashil ya danne nasa ya mayar wa tsohon sarki Firiyam gawar ɗansa Hektor. Diddige ba a gyara shi. Abin da mai shi zai iya yi kawai shi ne ya yi shiru, kuma a nan ne Sigfirid da Sumanguru suke da nasu kason laifin, don su suka faɗa wa matansu.

Fim ɗin Amurka na 2004 a kan yaƙin Tiroya ya nemi ya sasanta tsoho da sabo. Ashil ɗinsa mutum ne kawai. Faris ya harbe shi a diddige, sannan ya ƙara masa wasu kibau a ƙirji. Ya zare na ƙirjin kafin ya faɗi, sai waɗanda suka tarar da gawar suka ga kibiya ɗaya tak a ƙafa. Dabara ce mai kyau, amma ta masu fim ce.

Sunan ya shiga har likitanci. A 1693 wani masanin sassan jiki ɗan yankin Filanda na Beljiyam ta yau, Filif Ferheyen, ya kira babbar jijiyar da ke haɗa naman sha-raɓa da ƙashin diddige da sunan Ashil, kuma har yau haka likitoci suke kiranta. Ita ce Bahaushe yake cewa agara. Tana cikin jijiyoyi mafi kauri da ƙarfi a jikin mutum, kuma takan tsinke wa ƴan ƙwallo da masu tsere, wani lokaci da ƙara kamar an karya kara. Wanda tasa ta tsinke ba ya iya ɗagewa a kan yatsun ƙafar, kuma yakan yi watanni kafin ya koma fili, da tiyata ko ba tiyata. Amma tsinkewar agara ba ta kisa.